Ɗan Gida da Bare a Binciken Addini: Yadda Mai Bincike Zai Bayyana Inda Ya Tsaya

Duk wanda ya zaɓi ya yi nazarin addinin da shi kansa yake bi, a matsayin aikin jami'a ba wa'azi ba, zai gamu da tambaya iri biyu daga ɓangarori biyu. Malaman da ke duba aikinsa za su ce, ta yaya za mu yarda cewa ba abin da zuciyarka ke so ka rubuta ba? Mutanensa kuma za su ce, kai da ka san komai, me kake tambayarmu? Sashen da ake kira bayanin matsayin mai bincike an ƙirƙiro shi ne domin amsa tambaya ta farko, amma ba ya yin kyau sai mai rubuta shi ya ɗauki ta biyun da muhimmanci. Mafi yawan waɗanda ake gani a kundayen digiri ba sa amsa ko ɗaya. Suna lissafa jinsi da shekaru da addini da sana'a, su rufe da alkawarin cewa an yi adalci, shi ke nan. Abin da ya kamata sashen ya yi daban ne: ya nuna wa mai karatu ta wace kafa matsayin mai bincike ya shiga cikin bayanan da ya tattara, da abin da aka yi a kan hakan.

Muhawarar ɗan gida da bare ta daɗe. A 1954 masanin harshe Kenneth Pike ya fito da kalmomi biyu, emik da etik, ya yanko su daga sunayen rassa biyu na nazarin sauti. Na farko shi ne bayanin abu da ma'aunin masu abin, irin bambancin da su suke ji kuma suke ɗauka da ma'ana. Na biyu shi ne bayaninsa da ma'aunin mai nazari, wanda ake iya ɗauka a auna wata al'umma da shi. A 1959 Wilfred Cantwell Smith ya kafa sharaɗin da ya yi fice a fagen nazarin addinai, cewa magana a kan wani addini ba ta inganta sai mabiyansa sun iya amincewa da ita. Sharaɗin yana da kyau wajen hana ƙage, sai dai yana da rami: waɗanne mabiyan? Addini ɗaya yana da malamai da almajirai, maza da mata, mazhabobi da ɗariƙu da ƙungiyoyi, kuma abin da wannan ya amince da shi wancan zai ce ɓata ne. A 1972 masanin zamantakewa Robert Merton ya rubuta maƙalar da ta rushe iƙirarin ɓangarorin biyu, wato masu cewa sai ɗan gida ne zai fahimta, da masu cewa sai bare ne zai yi adalci. Hujjarsa ita ce ba wanda yake da matsayi guda ɗaya tak. Kowa yana ɗauke da tarin matsayai, don haka yana ciki ta wata fuska, yana waje ta wata.

Tun kafin waɗannan, malaman Musulunci sun san matsalar. Albiruni, da ya rubuta littafinsa a kan mutanen Indiya wajen shekarar 1030, ya faɗa tun a gabatarwa cewa aikinsa ba na jayayya ba ne, na ruwaito abin da mutanen suka ce ne kamar yadda suka faɗa. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, a littafinsa na addinai da ƙungiyoyi ya ɗaukar wa kansa sharaɗin kawo ra'ayin kowace ƙungiya yadda ya same shi a littattafanta, ba tare da son zuciya ba. Malaman hadisi kuma suna taka tsantsan da sukar da malami ya yi wa tsaransa, don sun san gasa da saɓanin mazhaba suna iya shiga cikin hukunci. Wannan na ƙarshen shi ne mafi kusa da abin da muke magana a kai: ba a ce malamin maƙaryaci ne ba, an dai ce a san alaƙarsa da wanda yake magana a kansa kafin a auna maganar.

Abin da ɗan gida yake samu, da abin da yake kuɓuce masa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan gaskiya ce. Ɗan gida yana jin harshen ibada ba tare da tafinta ba. Ya san lokacin da ake shiru da dalilinsa, ya san wanda ake gaisarwa da farko, ya san tambayar da za ta zama cin fuska. Ƙofar da bare zai yi wata shida yana ƙwanƙwasawa, shi a rana ɗaya za a buɗe masa. Yana kuma gane lokacin da aka ba shi amsar da aka saba ba baƙi.

Amma akwai abubuwa uku da suke cin ɗan gida, kuma dukansu suna barin alama a cikin bayanan, ana iya gano su.

Na farko shi ne abin da ba a faɗa saboda an ɗauka ya sani. Mai amsa tambaya zai fara bayani, ya kai tsakiya, sai ya ce, ai ka san yadda abin yake. Mai bincike ya gyaɗa kai, a wuce. Ranar da ya zauna juyar da hirar zuwa rubutu sai ya tarar ainihin abin da yake nema ba ya cikin faifan, yana cikin kansa ne kawai. Daga nan sai ya cike gurbin da fahimtarsa, ya rubuta ta da sunan mai amsa. Hanyar ganowa mai sauƙi ce: a ɗauki hira uku na farko da aka juya, a ja layi a ƙarƙashin duk inda aka ce ka sani, ko kamar yadda aka saba, ko ba sai na faɗa maka ba, sannan a duba layin da ya biyo baya. Idan mai bincike bai nemi ƙarin bayani ba a mafi yawansu, akwai gyara. Maganin shi ne a sanar da mutum tun kafin a kunna na'urar ɗaukar murya cewa za a riƙa yi masa tambayar da za ta yi kama da ta wanda bai san komai ba, saboda masu karanta aikin ba su sani ba, kuma kalmominsa ake so ba na mai tambaya ba.

Na biyu ya fi wuyar sha'ani. Mutane sukan ɓoye wa na gida abin da za su gaya wa bare. Bare zai tafi da maganar, ba za a haɗu da shi a sahu ko a wurin taro gobe ba. Na gida kuwa ya san iyayenka da malaminka. Don haka a kan shakku, da sakaci da ibada, da rashin jituwa da shugabanni, ɗan gida ya fi samun amsar da ta dace da abin da ake koyarwa, ba abin da mutum yake yi ba. Alamarsa ita ce amsoshi su riƙa kama da juna kamar an haddace, su cika da nassi da addu'a, su rasa labarin rana kaza da wuri kaza.

Na uku yana cikin alƙalamin mai binciken kansa. Mumini ya san abin da addininsa ya ce a yi, kuma yana da sauƙi ya rubuta wannan a inda ya kamata ya rubuta abin da ya gani. Akwai hawa uku da dole a raba: abin da nassi da malamai suka ce, abin da mabiya suka ce suna yi, da abin da aka ga suna yi. Jimlar da ta fara da addini ya ce, a cikin babin sakamakon bincike, kusan kullum alama ce ta an tsallake hawa. Wurinta babin shimfiɗa ne, tare da ambaton wane malami ko wace mazhaba. A babin sakamako abin da ake so shi ne mutum nawa cikin nawa suka ce me.

Bare ma yana da nasa. Yakan ɗauki maganar shugaba a matsayin maganar kowa, yakan fassara kalmar ibada da kalmar da ta rage mata nauyi, kuma shi ma ba daga sama ya faɗo ba, yana da addininsa ko rashin addininsa da yake kallo ta ciki. Shi ya sa bayanin matsayi ba hukunci ba ne da aka yanke wa masu imani su kaɗai.

Akwai kuma wata fargaba da ya kamata a kawar. Ɗalibai masu riƙo da addini sukan ji an ce su ajiye imaninsu a gefe, sai su ɗauka ana nufin su yi kamar ba su yi imani ba. Masanin nazarin addinai Ninian Smart, wanda ya yaɗa wannan hanya a shekarun 1970, abin da ya nema ya fi haka sauƙi: tambayar ko abin da aka yi imani da shi gaskiya ne ko ba gaskiya ba, kayan aikin hira da lura da ƙidaya ba za su iya amsa ta ba, don haka a bar ta a buɗe a cikin aikin. Mutum yana iya yin sallarsa ko addu'arsa da cikakken yaƙini, ya dawo ya rubuta cewa mabiya sun ce an amsa addu'arsu, bai ƙaryata ba, bai kuma kafa hujja da abin da ba zai iya nuna wa mai karatun da ba ya bin addinin ba. Wanda kuma yake so ya yi hukunci daga cikin addini, ya ce wannan daidai ne wancan kuskure, aikinsa halattacce ne, amma fanninsa fiƙihu ne ko tauhidi, kuma sai ya faɗi haka a fili. Laifin shi ne a yi hukuncin malami a cikin rigar mai nazarin zamantakewa.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wata ɗalibar digiri na biyu tana koyarwa shekara 8 a wata halƙar karatun addini ta mata da ake yi mako-mako. Mahaifinta yana cikin kwamitin da ke kula da wurin. Tambayar bincikenta ita ce me ya sa wasu mata suke daina zuwa. Ta shirya hira da mata 20, wato 12 da suke zuwa har yanzu da 8 da suka daina. Ga bayanin matsayin da ta rubuta da farko:

“Ni Musulma ce, mace, mai aure, kuma malama a wannan halƙa. Kasancewata 'yar gida ya ba ni damar fahimtar mahalarta sosai. Duk da haka na yi iya ƙoƙarina na kauce wa son zuciya, na tsaya a kan gaskiya.”

Ba ƙarya a ciki, amma mai karatu bai ƙaru da komai ba. Jimla ta farko jerin suna ce. Ta biyu yabon kai ce. Ta uku alkawari ce da ba wanda zai iya bincika. Kuma an bar abu mafi nauyi: ita malamarsu ce, 'yar mai faɗa a ji, tana tambayar waɗanda suka bar ajinta dalilin barinsu.

Matakin farko na gyara ba rubutu ba ne, zama ne da takarda a raba ta gida uku. A gida na farko a rubuta kowace alaƙa da ke tsakanin mai bincike da mutanen: addini ɗaya, fahimta ko ƙungiya ɗaya, jinsi, shekaru, zurfin karatu, muƙami, dangantakar jini ko ta aure, wanda ke biyan kuɗin binciken, da ra'ayin da mutum ya riga ya ɗauka a kan tambayar. A gida na biyu a rubuta abin da wannan alaƙa za ta iya yi wa bayanan, a fayyace, ba a dunƙule ba. A na uku a rubuta matakin da za a ɗauka. Duk layin da aka rasa abin rubutawa a gidansa na biyu, a soke shi, ba ya cikin bayanin matsayi. A wurin wannan ɗaliba, aurenta yana da tasiri idan 'yan mata marasa aure suna cikin waɗanda za ta tambaya, in ba haka ba babu dalilin ambatonsa.

Da ta yi haka sai ta ga ba 'yar gida ba ce a wurin kowa. A wurin mata 12 da ke zuwa, tana ciki ta fuskar addini da halƙa, amma tana sama da su ta fuskar muƙami. A wurin mata 8 da suka daina, ita ce fuskar wurin da suka bari. Idan cikinsu akwai wadda ta koma wata fahimta daban, to a idonta malamar bare ce, wataƙila ma abokiyar hamayya. Masaniyar nazarin al'ummomi Kirin Narayan ta yi wannan magana a 1993 game da masu nazarin al'ummarsu: zama ɗan ƙasa ba ya sa mutum ya zama ɗaya da kowa a cikinta, karatu da matsayi da tafiye-tafiye suna raba shi da su.

Ta kuma rubuta hasashenta kafin ta fara, da kwanan wata: tana ganin masu daina zuwa suna yi ne saboda raunin himma da shagaltuwa da duniya. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa saboda kunya, alhali shi ne mafi amfani. Wanda bai rubuta abin da yake zato ba kafin ya fita, ba zai iya sanin ko sakamakonsa ganowa ne ko maimaita zato ba.

Sai ta fara hira. Da masu zuwa, kowace hira takan kai minti 45 zuwa 50. Da uku na farko cikin waɗanda suka daina, ba wadda ta wuce minti 15, kuma duka ukun sun ba da dalili ɗaya: ayyuka sun yi yawa, Allah ya ba mu ikon dawowa. Wannan tazarar tsawon hira ita ce ƙararrawa. Da ba ta riƙe littafin lura ba, inda bayan kowace hira take rubuta tsawonta, da wurin da aka yi, da wanda ke kusa, da inda mai amsa ta yi shiru ko ta sauya magana, da abin da ya sosa wa ita mai tambayar rai, da sai ta ɗauki amsar a matsayin tabbacin hasashenta. Minti 10 zuwa 15 na rubutu bayan kowace hira ya isa, amma a yi shi a ranar, don washegari ƙwaƙwalwa ta riga ta gyara labarin.

Ta yi gyara uku. Ta daina yin hirar a harabar da ake karatun, ta bar kowace mace ta zaɓi wuri. Ta nemo wata abokiyar karatunta wadda ba ta da alaƙa da halƙar, ta yi hira da sauran biyar, bayan an sanar da kwamitin ɗa'ar bincike kuma an gaya wa matan a fili cewa malamar za ta karanta rubutun amma ba tare da sunaye ba. A nan akwai gaskiyar da dole a faɗa musu: a cikin mutum biyar da ta sani, tana iya gane mai magana ko babu suna, don haka suna da damar cewa a cire wani sashe. Gyara na uku, ta sauya yadda take samo mutane. Da farko ɗalibanta na kusa ne suke haɗa ta da waɗanda suka daina, wato tana samun waɗanda har yanzu suke da kyakkyawar alaƙa da wurin. Sai ta nemi waɗanda suka daina su haɗa ta da wasu irinsu.

A ɗauka a hirarrakin biyar ɗin sai wasu dalilai suka fito: ana gyara wa babbar mace karatu a gaban yara, an sauya lokacin karatu ba tare da shawara ba, wata kuma tana da tambayoyin da take jin ba za a karɓa ba. Biyu daga cikin waɗannan sun shafi malamar kai tsaye. Nan ne jarrabawar take, domin abu ne mai sauƙi a wajen tsara bayanai ta sa waɗannan a ƙarƙashin kan magana mai laushi, kamar rashin fahimtar juna. Don haka ta ba wani da ba ya bin addinin, ko ba ya cikin ƙungiyar, hira 4 cikin 20 ya karanta ya fitar da nasa kawunan magana ba tare da ya ga nata ba. Inda suka saɓa, nan ne matsayinta ya fi yin aiki. Ta kuma duba kalmominta: ta kasance tana rubuta waɗanda suka ja baya da waɗanda suka yi rauni. Waɗannan hukunci ne na cikin gida. Ta mayar da su waɗanda suka daina zuwa, wanda kowane ɓangare zai yarda cewa shi ne ya faru.

Ga yadda bayanin ya koma bayan an gama nazarin bayanan:

“Na yi wannan bincike ina Musulma mai bin fahimtar da ake koyarwa a halƙar, kuma na koyar a cikinta shekara 8. Wani ɗan'uwana na kusa yana cikin masu kula da ita. Wannan ya sa na samu izini cikin sauƙi kuma na fahimci kalmomin da mahalarta suke amfani da su, amma ya sa ni a matsayin mai iko a kan waɗanda nake tambaya. Na fara aikin ina zaton raunin himma ne babban dalilin daina zuwa. Hirarraki uku na farko da na yi da waɗanda suka daina sun yi gajarta ƙwarai kuma amsoshinsu iri ɗaya ne, don haka wata mai bincike da ba ta cikin halƙar ta yi sauran biyar, a wuraren da matan suka zaɓa. Dalilan da suka shafi salon koyarwa da tsarin shugabanci duk daga waɗannan biyar suka fito, kuma na nuna a babi na huɗu wace magana ce ta fito daga wace irin hira. Wani mai karatu daga waje ya tsara hira 4 shi kaɗai, mun saɓa a kan kan magana biyu, na ɗauki nasa a ɗaya, na bar nawa a ɗaya tare da dalili. Ban yi amfani da abin da aka gaya mini a matsayin malama ko ƙawa kafin binciken ba. Aikin bai yi hukunci a kan ingancin aƙidar kowa ba. Mai yiwuwa ne matan da suka fi jin haushin halƙar sun ƙi yin magana gaba ɗaya saboda sunana yana kan aikin, kuma ba ni da hanyar auna yawansu.”

Kowace jimla a nan tana da abin da mai jarrabawa zai iya bi ya duba. An faɗi alaƙa, an faɗi abin da ta jawo, an faɗi matakin da aka ɗauka, an kuma bar abin da ba a iya gyarawa ba a fili. Jimlar ƙarshe ita ce ta fi ƙara wa aikin daraja, ko da yake ita ce ɗalibai suka fi tsoron rubutawa.

Tsawo, wuri, da abin da ba a faɗa

A maƙalar mujalla, kalma 150 zuwa 300 a sashen hanyoyin bincike sun wadatar. A kundin digiri, shafi ɗaya zuwa biyu a babin hanyoyin gudanar da bincike, da kalmar ni, ba mai bincike ya ga ba, don ɓoye kai a sashen da aka yi domin bayyana kai ba shi da ma'ana. A rubuta shi sau biyu aƙalla: kafin a fita tattara bayanai, da bayan an gama nazarinsu. Wanda aka rubuta sau ɗaya a farko yana cike da zan yi, kuma mai karatu ba ya sanin ko an yi. Idan mujallar tana ɓoye sunan marubuci ga masu tantancewa, a cire sunan wuri da muƙamin da zai tona shi a kwafin farko, a mayar bayan an karɓa. Kada kuma sashen ya zama shi ke nan: inda matsayin ya taɓa wani sakamako, a sake ambatonsa a wurin, kamar yadda ɗalibar ta yi a babinta na huɗu.

Ƙananan shawarwari ma suna shiga, in sun shafi rubutun. Ko za a riƙa sa salati da kalmomin girmamawa bayan sunaye masu tsarki, ko za a kira ƙungiya da sunan da take kiran kanta ko da wanda abokan hamayyarta suke kiranta, ko za a fassara kalmar ibada ko a bar ta yadda take. Sunan ƙungiya musamman yana tona inda marubuci ya tsaya tun kafin ya ce komai, kuma ƙa'idar da ta fi aminci ita ce a yi amfani da sunan da mutanen suka yarda da shi, a yi bayanin sauran sunayen sau ɗaya.

Bayanin matsayi ba ikirarin zunubi ba ne, kuma ba wanda yake da haƙƙin tilasta wa mai bincike ya tona cikinsa. Wanda yake fama da shakku, ko ya sauya fahimta a ɓoye, ko ya bar addinin iyayensa, yana iya fuskantar cutarwa ta gaske idan ya rubuta hakan a kundin da za a ajiye a ɗakin karatu kowa ya ɗauka. Irin wannan yana iya cewa ya tashi a cikin al'ummar kuma mahalarta sun ɗauke shi a matsayin nasu, ya tsaya nan, domin yadda suka ɗauke shi ne ya shafi abin da suka gaya masa. Iyakar ita ce kada ya yi wa mahalarta ƙarya don su saki baki. Binciken da masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger da abokan aikinsa suka wallafa a 1956, inda masu lura suka shiga wata ƙaramar ƙungiya mai jiran ƙarshen duniya suna nuna sun yi imani, har yau ana kawo shi a matsayin misalin matsalar: an yaudari mutane, kuma shigar baƙin ma ta ƙara wa 'yan ƙungiyar ƙarfin gwiwa a kan abin da ake nazari.

Sirrin wasu ma yana cikin hatsari a wannan sashe. Da zarar mai bincike ya ce shi malami ne a wuri kaza, ya riga ya tona wurin, kuma a ƙaramar jama'a sauya suna ba ya ɓoye kowa. In an rubuta matar limami ko mai kula da kuɗi, kowa ya gane. Shi ya sa ɗalibar ta ce wani ɗan'uwana na kusa maimakon mahaifina, kuma a cikin babin sakamako za ta haɗe shekaru zuwa rukuni, ta cire sana'a da yawan 'ya'ya inda ba a bukatarsu.

Saura batun mayar wa mutanen abin da aka rubuta su duba, wanda shi ne sharaɗin Smith a aikace. Yana da amfani a hawa biyu: kowa ya ga maganarsa da aka juya ya tabbatar haka ya faɗa, kuma a ga ko bayanin ibada da aƙida ya yi daidai da yadda masu su suke fahimtarsu. A hawa na uku, wato fassarar mai bincike a kan dalilin da ya sa abu yake faruwa, ana sauraron su amma ba a ba su ikon sokewa. Kwamitin halƙar zai iya ƙin yarda cewa salon shugabancinsa yana korar mutane. Ɗalibar za ta rubuta cewa sun ƙi yarda, ta kawo hujjarsu da kalmominsu, ta bar sakamakonta yadda bayanan suka nuna. Wannan ya fi yi wa ɗan gida nauyi fiye da bare, don shi zai ci gaba da zama da mutanen bayan an kare kundin, saboda haka tun a takardar neman izini ya kamata a rubuta wa shugabannin abin da za a nuna musu kafin wallafawa, da abin da za su iya neman a gyara, da abin da ba za su iya ba, su sa hannu a kai kafin a yi hira ta farko.